Bot ya ce na ci riba, akanta ta ce ba ta yarda ba: ina lissafin gaskiya yake?

Mai Raga:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar lissafi. Tun watan Maris na kunna bot a asusuna na kirifto, irin wanda yake shimfiɗa odar saye da ta sayarwa hawa-hawa, ya saya idan farashi ya sauka mataki ɗaya, ya sayar idan ya hau. A kan ETH/USDT kaɗai yake aiki, wato saye da sayar da tsabar ETH da tsabar USDT mai bin darajar dala, kowace oda 0.1 ETH. Yanzu shekara ta ƙare, shafin bot ɗin yana nuna mini `Grid Profit` mai kyau. Na ɗauki hoton shafin na tura wa akantar da take shirya mini takardun haraji, sai ta ce wannan ba zai shiga ba, in kawo mata tarihin ciniki ɗaya bayan ɗaya. Na sauke fayil ɗin CSV, layi sama da dubu uku. Da ta lissafa, ribar da ta samu ba ta kai rabin abin da bot ya nuna ba, kuma ta ce adadin ETH ɗin da ya kamata ya rage ma bai yi daidai da na asusun ba. To wa zan gaskata? Ni dai na san bot ba ya mantuwa.

Ɗan Autan Zaure:
Wa'alaikumus salam. Yaya, ka cire kuɗin zuwa banki ne? In ba ka cire ba ai babu abin lissafawa. Haraji yana hawa kan abin da ya shigo hannunka ne. Muddin kuɗin suna can cikin asusun suna juyawa, ka bar su kawai.

Baba Akanta:
Ɗan Auta, ka yi haƙuri, wannan maganar ita ce take jefa mutane cikin matsala. A ƙasashe da yawa lokacin da ka sayar shi ake dubawa, ba lokacin da ka kwashe kuɗin ba. A Amurka da Birtaniya, alal misali, ko da tsaba ka musanya da wata tsaba, irin ETH zuwa USDT, an ɗauka ka rabu da kadara, kuma ribar ko asarar ta tabbata a ranar. Kowa ya duba dokar ƙasarsa, amma kada ya fara da zaton cewa sai kuɗi sun taɓa banki.

Malam Mai Raga, kafin a je ga wanda za ka gaskata, ka sani tambayoyi biyu ne a cikin maganarka, kuma kada ka cakuɗa su. Ta farko: me ya sa ribar ta bambanta. Ta biyu: me ya sa adadin tsabar bai daidaita ba. Ta farkon ba kuskure ba ce, bambancin hanyar lissafi ce. Ta biyun kuwa dole a gano bakin zarenta, domin in adadi bai daidaita ba duk ribar da aka fitar daga wannan fayil abin shakka ce.

Bari in fara da ta farko da ɗan ƙaramin misali. A ce farashi yana sauka, bot ɗinka ya saya sau uku: 0.1 ETH a kan 3,000, wato ya kashe 300, sai 0.1 a kan 2,900, ya kashe 290, sai 0.1 a kan 2,800, ya kashe 280. Daga nan farashi ya ɗan ɗaga zuwa 2,900, ya sayar da 0.1, ya karɓi 290. Mu ce kamasho kashi 0.1 cikin ɗari ne a kowane ciniki kuma da USDT ake biya. Kenan sayen farko ya ci maka 300.30, na biyu 290.29, na uku 280.28, kuma abin da ya shigo daga sayarwar bayan kamasho 289.71 ne.

Shi bot yana haɗa wannan sayarwa da sayen da yake mataki ɗaya ƙasa da ita, wato na 2,800. Sai ya rubuta maka ribar 9.43. Akanta kuwa, in tana bin hanyar da ake kira FIFO, wadda take cewa abin da ya fara shigowa shi yake fara fita, za ta haɗa sayarwar da sayen 3,000. Sai ta sami asarar 10.59. In kuma matsakaicin farashi aka bi, jimillar abin da ka kashe 870.87 ne, a raba uku, kowane kaso ya tashi 290.29, asara ta zama 0.58. Ciniki ɗaya tak, amsa uku. Kai kuma irinsa sama da dubu ka yi.

Mai Raga:
Baba, na gode. Amma kai ya ɗan ɗaure. Ta yaya abu ɗaya zai zama riba kuma ya zama asara? Kuɗin ai ko dai sun ƙaru ko sun ragu.

Baba Akanta:
Tambayar ta yi. Amsar tana cikin 0.2 ETH ɗin da ya rage a hannunka. Tsabar da ka saya a lokuta uku ta zama kamar ruwan da aka zuba a randa ɗaya, in ka ɗebi moɗa babu mai iya cewa daga guga na nawa ta fito. Don haka sai an kafa ƙa'ida. Ƙa'idar da aka zaɓa ba ta canza jimillar abin da za ka ci a ƙarshe ba, tana canza shekarar da zai bayyana ne.

Duba: a lissafin bot, abin da ya rage maka shi ne saye biyu masu tsada, kuɗinsu 590.59. A FIFO saye biyu masu araha ne suka rage, 570.57. A matsakaici 580.58. Yanzu a ce baɗi ka sayar da 0.2 ɗin a kan 3,100, ka karɓi 619.38 bayan kamasho. A hanyar bot ribar baɗi 28.79, haɗe da 9.43 na bana. A FIFO ribar baɗi 48.81, a cire asarar 10.59 ta bana. A matsakaici 38.80 a cire 0.58. Ka buga dukansu, kowanne 38.22 zai ba ka.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, lambar da bot yake nunawa tana ƙirga kewayen da suka rufe da riba ne kawai, don haka a kullum sama take yi. Sayen da aka yi da tsada, wanda farashi bai koma ya sallame shi ba, yana zaune a gefe bai shiga wannan lambar ba. In kasuwa ta sauka a cikin shekarar, ba abin mamaki ba ne akantarka ta sami ƙasa da rabin abin da shafin ya nuna. Tana iya samun asara ma gaba ɗaya.

Sarkin Dabara:
To ai shi ke nan, abu ya zo da sauƙi. Tunda jimilla ɗaya ce, mutum ya lissafa da duka hanyoyin uku a kowace shekara, ya ɗauki wadda ta fi rage masa haraji. Ni na ji a Amurka ma an yarda ka zaɓi wane kaso ka sayar.

Baba Akanta:
Rabin maganarka gaskiya ne. A Amurka akwai damar ayyana kason da ka sayar, amma da sharaɗin ka ayyana shi tun lokacin cinikin kuma kana da shaida, ba wai sai shekara ta ƙare ka zauna kana tsinta ba. In ba ka yi haka ba, FIFO ce take hawa kanka. A Birtaniya babu zaɓi: ana fara haɗa sayarwa da abin da ka saya a rana ɗaya, sannan da abin da ka saya cikin kwana 30 bayanta, sannan a koma matsakaicin tarin da kake da shi. Ka ga mai bot irin wannan a can, kusan duk cinikinsa a ƙa'ida biyun farko zai faɗa. Kanada kuma matsakaici take bi.

Batun sauya hanya duk shekara kuwa, jimillar tana zama ɗaya ne kawai in ka tsaya a kan hanya ɗaya. A misalin nan, ɗauki asarar 10.59 ta FIFO bana, sannan baɗi ka koma hanyar bot ka ce abin da ya rage maka kuɗinsa 590.59. Ka yi amfani da sayen 3,000 sau biyu kenan, na 2,800 kuma ya ɓace. Wannan ba dabara ba ce, lissafin ƙarya ne, kuma mai bincike yana ganinsa da zarar ya kwatanta ragowar bara da mabuɗin bana.

Sarkin Dabara:
Na karɓi wannan gyaran. Amma har yanzu ina ganin inda doka ta yi shiru ba ta ambaci hanya ba, mutum yana da 'yancin zaɓar wadda ta fi masa, in dai zai dawwama a kanta.

Baba Akanta:
Inda ta yi shiru, e, akwai wurin magana. Ni dai a nan FIFO ko matsakaici nake ba da shawara, don su ne suka fi sauƙin karewa a gaban jami'in haraji. Wasu abokan aikina suna ganin ba haka ba.

Uwar Biyu:
Ku gafarce ni in shigo da tawa, duk da ba kirifto ba ce. Ni canjin kuɗi nake yi da robot a manhajar ciniki ta MetaTrader. A wurina babu wannan rigimar ta kaso, kowane ciniki yana da lambar tikitinsa, ya buɗe ya rufe. Abin da ya taɓa rikita ni shi ne na tara ginshiƙin `Profit` kaɗai, jimillar ta fi abin da asusun ya ƙaru da shi nesa ba kusa ba. Ashe `Commission` da `Swap`, wato kamasho da kuɗin kwana, kowanne ginshiƙinsa daban, kuma ba sa cikin `Profit`. Robot ɗina yana barin ciniki ya kwana, kuma yawancin dillalai suna cajin kuɗin kwana ninki uku a daren Laraba saboda hutun ƙarshen mako, to ka ga ba ƙaramin abu ba ne a shekara.

Tambayata ga Baba: ranar 31 ga Disamba akwai cinikin da bai rufe ba, yana cikin asara. `Balance`, wanda ba ya ƙirga cinikin da yake buɗe, yana nuna lamba ɗaya, `Equity`, wanda yake ƙirga shi, yana nuna wata ƙasa da ita. Wacce zan kai wa mai lissafi?

Baba Akanta:
Hajiya, ki kai duka biyun, tare da jerin cinikin da suke buɗe a wannan daren: girman kowanne, farashin buɗewa, da farashin kasuwa a lokacin. Ga mutum shi kaɗai, a wurare da yawa abin da ya rufe ne yake shiga haraji. Ga kamfani kuwa, littafin ƙarshen shekara yakan buƙaci a kimanta abin da yake buɗe da farashin ranar. Wacce za a yi amfani da ita, wannan aikin mai lissafinki ne da dokar wurinku. Naki shi ne ki adana hoton wannan daren, domin tarihin ciniki ba zai dawo miki da shi ba bayan cinikin ya rufe.

Uwar Biyu:
Na gode Baba. Ga masu irin nawa: a MT4, wato MetaTrader 4, a shafin `Account History`, sai ka danna dama ka zaɓi `All History` tukuna kafin `Save as Detailed Report`, in ba haka ba abin da yake kan allo kawai zai fitar maka. Kuma ka tambayi dillalinka ko yana kwashe tsofaffin ciniki daga tarihin, don wasu suna yi.

Mai Kod:
Mu dawo kan tambaya ta biyu ta Mai Raga, don a ganina ita ce mai haɗari. Abokina, manta da riba tukuna. Buɗe fayil ɗin ka ba mu lambobi biyar na ETH kaɗai: abin da yake asusun a farkon shekara, abin da ka shigar daga waje, abin da ka fitar, jimillar saye, jimillar sayarwa. Sai kuma abin da takardar dandalin da kake ciniki a kai ta ce ya rage a ƙarshen shekara. In ginshiƙin B ne yake ɗauke da nau'in ciniki, D kuma adadi:

```
=SUMIFS(D:D,B:B,"BUY")
=SUMIFS(D:D,B:B,"SELL")
```

Ƙa'idar ita ce mabuɗi, a ƙara shigarwa da saye, a cire fitarwa da sayarwa da kamasho, dole ya ba da ragowa. Ana yin wannan ga kowace tsaba daban, da adadinta, ba da ƙimarta a dala ba.

Mai Raga:
Ga su. Farkon shekara sifili. Ban shigar da ETH ba, ban fitar ba, USDT kawai na zuba. Saye 148.30. Sayarwa 146.90. Ya kamata a sami 1.40. Takardar ƙarshen shekara ta ce 1.1517. Giɓin 0.2483 ne. Wallahi abin ya tsaya mini a rai, har na fara tunanin ko an taɓa asusun.

Mai Kod:
Kwantar da hankalinka, lambar da kanta tana magana. Dubi wutsiyarta, 483, sannan ka dubi jimillar sayenka, 148.30. Kashi 0.1 cikin ɗari na 148.30 shi ne 0.1483. Wato a duk saye dandalin yana yanke kamashonsa daga tsabar da ka karɓa. Ka ba da odar 0.1, fayil ya rubuta 0.1, amma 0.0999 ne ya shiga asusun. Nemi ginshiƙin kamasho, a gefensa ko a cikinsa za ka ga sunan tsabar da aka biya da ita. Ina kyautata zaton a layukan saye ETH za ka gani, a na sayarwa USDT.

In haka ne, daga 0.2483 an warware 0.1483. Saura 0.1 cif, girman odarka ɗaya kenan. Akwai sayarwa guda da ta faru amma ba ta cikin fayil ɗinka.

Mai Raga:
Haka ne! Na tace ginshiƙin, kamashon saye duk da ETH ne, jimillarsa 0.1483. Allah Ya saka da alheri. To wannan 0.1 ɗin fa, ina zan nemo ta cikin layi dubu uku?

Mai Kod:
Ba a ciki take ba, a bakin gaɓa take. Layin da ya ɓace kusan kullum a wuri biyu yake ɓuya. Ko dai a mahaɗar fayil biyu, in dandalin bai bari a sauke shekara guda a lokaci ɗaya ba, ka sauke wata uku-uku, sai ranar ƙarshe ta wani ko ta farkon wani ta zame. Ko kuma a daren ƙarshen shekara saboda bambancin agogo. Duba abu biyu: da wane agogo ka sauke fayil ɗin, kuma da wane agogo aka rufe takardar ragowar? Sannan ka sauke cinikin 1 ga Janairu ka dubi na farko-farko.

In ba a nan ba ne, sai a bi ta doguwar hanya: ka yi wannan gwajin wata-wata da takardar kowane wata, watan da giɓin ya fara bayyana a nan layin yake.

Mai Raga:
Na same ta. Fayil ɗin da agogon wayata na sauke shi, wanda yake gaba da UTC, wato agogon GMT, da awa ɗaya. Takardar ragowa kuma a ƙarshen ranar UTC aka rufe ta. Bot ya sayar da 0.1 da ƙarfe 23:20 UTC ranar 31 ga Disamba, wanda a agogona 00:20 ne na 1 ga Janairu. Fayil ya bar ta a sabuwar shekara, takarda ta cire ta a tsohuwa. Yanzu 1.40 a cire 0.1483 a cire 0.1 ya ba da 1.1517 daidai. Amma ga sabuwar tambaya: wannan cinikin na wace shekara ne?

Mai Kod:
Ni a UTC nake ajiye komai. Shi ne agogon da ba ya matsawa da rani ko hunturu, kuma da shi mafi yawan dandamali suke ba da lokaci ta API. In kowa ya tsaya a kansa, takarda da fayil ba za su taɓa saɓawa ba. Don haka a wurina na tsohuwar shekara ne.

Baba Akanta:
A nan mun ɗan rabu da Mai Kod. Adanawa a UTC daidai ne, ban ja ba. Amma shekarar haraji ta ƙasar da kake biya ce, kuma a fahimtata tana ƙarewa da tsakar daren ƙasar, ba na na'urar dandali ba. Da ni ne zan sa shi a sabuwar shekara, in gyara ragowar ƙarshen shekara ta zama 1.2517, in rubuta dalili a layi ɗaya a jikin takardar. Abin da ba zai yiwu ba shi ne cinikin ya faɗa tsakani, babu shi a bara babu shi a bana, ko ya fito a duka biyun. Ka kai wa akantarka, abin da ta zaɓa a rubuta shi, baɗi ma a bi shi.

Kuma kada kowa ya ɗauka 31 ga Disamba ce iyaka a ko'ina. Ta mutum a Birtaniya daga 6 ga Afrilu take zuwa 5 ga Afrilu, ta Ostareliya daga 1 ga Yuli zuwa 30 ga Yuni.

Uwar Biyu:
Wannan ya shafe mu sosai. Lokacin da yake cikin rahoton MetaTrader agogon dillali ne, kuma da yawansu suna gaba da GMT da awa biyu, su koma uku a lokacin bazararsu. Cinikin da ya rufe da dare a wurinka yana iya fitowa da kwanan gobe a rahoton.

Ɗan Autan Zaure:
Yayyena, ni fa ban ga dalilin wannan wahalar ba. Bot ɗina yana rubuta duk abin da ya yi a nasa fayil. Me zai hana in miƙa wannan kawai?

Mai Kod:
Ƙanena, littafin bot yana rubuta abin da ya nema ne, na dandali yana rubuta abin da ya faru. Bot ya aika odar 0.1, dandali ya cika ta a gutsure uku, 0.04 da 0.05 da 0.01, kowanne da kamashonsa, wani lokaci da farashinsa daban. Ko intanet ta yanke bayan odar ta tafi, ta cika a can, bot bai ji amsa ba, ya rubuta cewa ta faɗi. Ko kai da hannunka ka shiga ka sayar da wani abu, bot bai sani ba. Shi ya sa tushen lissafi shi ne tarihin cikawa, wanda ake kira `Trade History` a dandamali da yawa, ba `Order History` ba. A MT5 ma haka, `Deals` za ka duba, ba `Orders` ba. Littafin bot yana da amfaninsa, shi yake gaya maka wace dabara ce ta yi wane ciniki, amma shaida ta biyu ce.

Wani abu da nake roƙon kowa: kada ka buɗe asalin fayil ɗin CSV a Excel ka adana a kansa. Excel lamba 15 kawai yake riƙewa, in lambar ciniki ta fi haka tsawo sai ya mayar da na ƙarshen sifili, ciniki biyu daban su koma lamba ɗaya. Ka zo cire maimaici, ka goge na gaskiya. Ajiye na asali yadda ya sauko, ka yi aiki a kwafi, ka shigo da ginshiƙin lambar a matsayin rubutu. In lokacin ya zo maka a doguwar lamba mai adadi 13, milisakan ne tun farkon 1970, wannan zai mayar da shi kwanan wata a UTC:

```
=A2/86400000+DATE(1970,1,1)
```

Hajiya Mai Littafi:
Ina bin ku tun ɗazu. Ni ƙaramin kamfani nake riƙe wa littafi, kuma abu ɗaya zan ƙara: a sauke tarihi kowane wata, kada a jira Janairu. Akwai wani dandali da muka yi aiki da shi, aka cire wata tsaba daga kasuwarsa, da muka zo neman cinikinta sai da muka yi ta aika wasiƙa kafin a turo. Kuma kowa ya ga abin da ya faru da dandalin kirifto na FTX ya rushe a Nuwamban 2022, mutane sun wayi gari ba sa iya shiga asusunsu balle su sauke komai. Abin da nake ajiyewa a jakar kowane wata huɗu ne: tarihin cikawa, tarihin shigarwa da fitarwa, takardar ragowar ƙarshen wata, da ɗan shafin da na yi gwajin da Mai Kod ya nuna. In watan bai daidaita ba, ba na rufe shi. Neman layi ɗaya cikin ɗari uku aikin rabin awa ne.

Sai dai ina da tambaya ga Baba. Duk lissafin nan a USDT muke yinsa, amma haraji da kuɗin ƙasa ake biya. In juya jimillar ribar da canjin ranar ƙarshe, ko yaya?

Baba Akanta:
Hajiya, nan ma wuri ne da ake zamewa. Ba ribar ake juyawa ba, ɓangarorin biyu ake juyawa kowanne da canjin ranarsa: kuɗin saye da canjin ranar saye, kuɗin sayarwa da canjin ranar sayarwa, sannan a cire. Ga bot da yake saye da sayarwa a yini ɗaya bambancin kaɗan ne. Amma a FIFO sayarwar Oktoba tana iya haɗuwa da sayen Yuni, in kuɗin ƙasar ya faɗi a tsakani, cinikin da ya yi asara a dala zai iya fitowa da riba a kuɗin gida. Wasu hukumomin sun yarda da matsakaicin canji na wata ko na shekara, wasu ba su yarda ba. Ki tsayar da majiya ɗaya ta canji, ki ajiye teburinta a jakar shekarar.

Mai Raga:
Baba, tunda kamashon sayena da ETH aka yanka, misalinka na farko ya canza kenan?

Baba Akanta:
Ya ɗan canza. A sayen farko ka biya 300 ka karɓi 0.0999, don haka hanya mafi sauƙi ita ce a rubuta kason a matsayin 0.0999 mai kuɗin 300. Idan bot ya sayar da 0.1, FIFO za ta cinye kason farko duka, ta gutsuro 0.0001 daga na biyu. Shi ya sa wannan ba aikin hannu ba ne a layi dubu uku, sai da manhaja ko ɗan shirin kwamfuta. Amma duk abin da aka yi amfani da shi, ka duba ragowar da ya fitar. In bai ce 1.2517 ko 1.1517 ba, gwargwadon agogon da kuka zaɓa, kada ka karɓi ribarsa.

Sarkin Dabara:
To masu biyan kamasho da tsabar dandali don samun rangwame fa, irin BNB? Kowane ɗan kamasho ai rabuwa da kadara ne kenan, a ƙasashen da Baba ya ambata. Za a bi kowanne a lissafa ribarsa ko asararsa, ko da sulai ne?

Baba Akanta:
A ƙa'ida haka ne, kuma wannan tsabar ma sai an yi mata nata gwajin adadi. Ko a tara su wata-wata a layi ɗaya ko a jera kowanne, akantoci ba su haɗu a kan baki ɗaya ba.

Mai Raga:
Alhamdu lillahi wannan bai shafe ni ba. Na tura wa akantar fayil ɗin da aka sake saukewa a UTC, da bayanin kamashon da na cinikin 23:20. Yanzu na koma ɓangaren USDT, shi ma akwai giɓin 37.60, kuma bai yi kama da kamasho ko girman oda ba. Mai Kod, ina zan fara dubawa?

Mai Kod:
Duk abin da ba ciniki ba ne ba ya fitowa a tarihin cikawa. Sauke cikakken tarihin motsin asusun, ka tace USDT, ka cire layukan saye da sayarwa da kamasho, ka ga me ya rage: ladan gayyata, mayar da wani kaso na kamasho, ko tura kuɗi tsakanin babban asusu da na bot. Giɓin ƙari ne ko ragi? Faɗa mana wannan tukuna.